Caja an rubuta 100W amma 60W kawai take ba ni, ita ce ko kebul ne?

Baban Ilham: Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu sanin harkar wuta ku warware min wani abu da ya ɗaure min kai. Ina da laftof mai caji ta USB-C, cajarta an rubuta 100W a jiki, a da in na jona ko ina aiki mai nauyi batirin hawa yake yi. To kebul ɗin da ya zo da ita ya ɓace, na ɗauko wani da nake cajin waya da shi, shi ma C ne baki biyu kuma mai kauri ne wlh har da saƙa a jikinsa, tun daga nan laftof ɗin take rubuto min wai cajar ba ta da ƙarfi, in na buɗe aiki da yawa ma batirin sauka yake yi alhali yana jone. Na ari ƴar mitar nan da ake sakawa tsakanin kebul da na'ura, ta nuna 19.8V da 2.9A, ba ta taɓa wuce haka ba. Cajar ce ta fara mutuwa ko me? Don ni a tunanina kebul ai waya ce kawai, wuta ta shiga nan ta fita can.

Ɗan Gyara: Wa alaikumus salam. Kebul ne yallaɓai, kar ka taɓa cajar. Wayoyin cikinsa ne sirara, wannan kaurin da kake gani roba ce da zare, in ka yanka za ka ga jan ƙarfen kamar gashi. Wutar ce ba ta iya wucewa duka sai ta maƙale a hanya, kamar ka tura ruwan tanki ta siririn tiyo.

Injiniya Mai Shiru: Ɗan Gyara ka kama ɓarawon amma ba ta ƙofar da ka ce ya shigo ba. Kebul ɗin ne, wannan haka yake. Amma duba lambobin da ya kawo, 19.8V da 2.9A. Da siranta ce take cinye wutar da bolt ɗin ya zube sosai, ka ga 18 da wani abu, kebul ɗin kuma ya yi zafi a hannu. Nan bolt na nan daram kusa da 20, amfiya ce ta tsaya cak a ƙasa da 3 kamar an gina mata katanga. Wannan ba zubewa ba ce, cajar ce da kanta ta ƙi yarda ta ba da fiye da 3A, kuma 20 sau 3 shi ne 60 ɗin da yake samu.

Baban Ilham: Ikon Allah, ta ƙi yarda kuma? To ta yaya caja za ta san wane kebul na saka mata, ido gare ta?

Injiniya Mai Shiru: Ba ta da ido amma tana da baki, kuma tambaya take yi. Bari in ɗauko maka daga farko, ka yi haƙuri da tsawon.

A cikin bakin USB-C akwai wasu ƙananan fin guda biyu CC1 da CC2, ba su ne ke ɗaukar wutar caji ba, su na magana ne. Caja mai bakin C in tana zaune ba a jona mata komai ba, babu wuta a bakinta sam, sifili. Jira take ta ji an ja layin CC ƙasa, domin kowace na'ura mai karɓar wuta tana da razisto, wato ɗan abu mai yi wa wuta turjiya, na om 5.1k a kan wannan layin. Da ta ji shi sai ta san wani ya zo, sai ta saki 5V, iyakarta kenan a farko ko da kuwa cajar 240W ce.

Daga nan ne ake fara ciniki. Tsarin sunansa PD, wato Power Delivery, saƙonni ne ƙanana suke kai da komowa a kan wannan layin na CC. Caja ce take fara magana, ta zayyano abin da take da shi, laftof ta zaɓi ɗaya, caja ta ce na yarda, ta ɗaga bolt ɗin, in ya daidaita ta ce to na shirya ja. A wajenka da kebul mai kyau haka zai kasance

```
caja   -> Source_Capabilities: 5V/3A, 9V/3A, 15V/3A, 20V/5A
laftof -> Request: 20V/5A
caja   -> Accept
caja   -> PS_RDY
```

Duk wannan kafin ka gama sauke hannunka daga kebul ɗin an gama shi. Abin lura shi ne laftof ba ta da ikon neman abin da babu shi a jerin da aka miƙo mata. To da kebul ɗinka na yanzu layin ƙarshe ba 20V/5A ake turo mata ba, 20V/3A ne, shi ta gani shi ta ɗauka, shi ya sa take maka ƙorafi.

Baban Ilham: Na fara ganewa. Amma har yanzu ban ga inda kebul ya shigo ba, ai tsakanin caja da laftof ka ce ake maganar.

Injiniya Mai Shiru: Nan na nufa. Kafin caja ta miƙa wancan jerin, sai ta fara tambayar kebul ɗin tukuna. Fin ɗin CC biyu ne a baki amma waya ɗaya ce tak ta CC take ratsa kebul daga wannan kai zuwa wancan, ɗayan fin ɗin ya zama rara. To kebul ɗin da aka yi shi don 5A yana da wani ɗan mitsitsin cif a cikin kansa, shi ne ake rubutawa E-Marker a kwali. Caja tana gane yana nan saboda yana nuna razisto na kusan 1k a kan wancan fin ɗin da ya yi rara, sai ta tura masa ƴar wuta ta nan ya farka, wannan wutar ita ake kira VCONN, sannan ta aika masa saƙon Discover Identity wato kai wane ne. Shi kuma ya amsa ya ce ni ina ɗaukar 5A, iyakar bolt ɗina kaza, gudun datata kaza. In ta ji haka sai ta saka 5A a jeri. In ta kira ta ji shiru, doka ta ce ta ɗauke shi a matsayin kebul na 3A, ko da kuwa kaurinsa ya kai igiyar rijiya.

Ɗan Gyara: To ai maganata ce dai aka zagayo aka dawo, ba don siranta aka sa dokar ba? Kebul na 3A ai siriri ne.

Injiniya Mai Shiru: Dalilin dokar siranta ne, gaskiyarka a nan. Zafin da waya take yi yana tafiya da amfiya sau kanta, ka ɗauka kebul yana da turjiya ta om 0.1, a 3A zai zubar da wat 0.9 a matsayin zafi, a 5A kuma wat 2.5, kusan ninki uku daga ƙarin amfiya biyu kacal. Kuma zafin ba a tsakiyar kebul ya fi taruwa ba, a baki ne inda ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Inda muka rabu da kai shi ne caja ba ta auna kaurin komai. Za ka iya samun kebul mai jan ƙarfe na gaske da zai ɗauki 5A lafiya lau amma ba a sa masa cif ba, 60W zai tsaya. Za ka iya samun ruɓaɓɓe da aka liƙa masa cif yana ihun ni 5A ne, caja ta yarda da shi.

Maman Ƴan Biyu: Sannunku da ƙoƙari. Ni dai tawa tambayar, kenan in na sa wayata a wannan babbar cajar ta maigida ta laftof batirin zai ƙone ko? Don ƙanwata ta ce min wuta mai yawa take turawa shi ya sa batir ke kumbura, tun daga ranar na daina.

Ɗalibin Lantarki: A'a Hajiya ba ta turawa, waya ce take zaɓa. In wayarki 9V take so 9V za ta nema, 20V ɗin yana nan a jeri ba wanda ya taɓa shi. In ma ba ta iya PD ba gaba ɗaya a 5V za a zauna har a gama.

Maman Ƴan Biyu: Alhamdulillahi. To amma akwai wata ƴar fitila ta caji da nake da ita mai bakin C, in na sa mata cajar nan ko ƙyaftawa ba ta yi, amma da tsohuwar caja mai faffaɗan baki nan take take kamawa. Na ɗauka babbar ce ta fi ƙarfinta.

Injiniya Mai Shiru: Hajiya wannan fitilar taki rowa aka yi wajen haɗa ta. Razisto ɗin nan na 5.1k da na ambata a sama, masu yin ta ba su saka ba, bakin C kawai suka manna. Caja mai bakin C tana jiran ta ji shi kafin ta saki wuta, ba ta ji ba, a wajenta babu kowa a ƙofa. Ita kuwa tsohuwar mai faffaɗan baki, wato USB-A, kullum 5V ɗinta a buɗe yake ba ta tambayar kowa. Ki ci gaba da ba ta tsohuwar, babu abin da ya lalace.

Kuma ba ƙananan kamfanoni kaɗai ke faɗawa ramin nan ba. Raspberry Pi 4 da ta fito a 2019, a zubin farko razisto ɗaya suka haɗa wa CC1 da CC2 maimakon kowanne da nasa. Da kebul mara cif tana aiki lafiya, amma da ka sa mai cif sai caja ta ga ƙaramar turjiya a fin ɗin duka biyu, ta ɗauka abin jin sauti aka jona mata, ta hana wuta. Wato kebul mai kyau ya ƙi, na banza ya yi. Sai a zubi na gaba suka gyara.

Ɗalibin Lantarki: Malam Injiniya ni inda nake da ja shi ne ka ce sai ta CC ake magana. Ni ina da caja mai faffaɗan baki da take ba wayata 9V, na gani da idona a mita, kuma USB-A ba shi da CC. Kenan PD yana bi ta wayoyin data ma.

Injiniya Mai Shiru: Ka ga 9V da gaske amma ba PD ne ya ba ka ba. Wannan Quick Charge ne na Qualcomm, tsari ne daban kuma shi ba ya aika saƙo irin na PD, da bolt yake nuni a kan wayoyin data D+ da D-. A QC 2.0 in waya ta ɗora 3.3V a D+ da 0.6V a D- caja ta gane 9V ake so, in 0.6V ne a duka biyun 12V kenan. QC 3.0 ya ƙara da cewa ana iya hawa da sauka da 0.2V kowane taki. Shi ba ruwansa da tambayar kebul, shi ya sa amfiyarsa ba ta da yawa, bolt yake ɗagawa. Kuma in ka samu kebul ɗin da babu wayoyin data a ciki, irin na caji zalla, za ka ga ka maƙale a 5V. Laftof ɗin Baban Ilham kuwa ko ka kwana kana jona ta da kebul na A zuwa C ba za ta ga 20V/5A ba.

Ɗalibin Lantarki: Na karɓa. Amma wayoyin nan da ake tallar 65W ko 80W da kebul mai faffaɗan baki fa?

Injiniya Mai Shiru: Waɗannan yaren gidansu suke yi, irin su VOOC na Oppo, amfiya suke turawa da yawa kuma sai cajarsu da kebul ɗinsu sun haɗu sun gane juna. Ka canza ɗaya daga ciki ka koma caji na kowa da kowa. Wannan wani zaren ne daban.

Mai Hoto: Ku bari in shigo da tawa don ta yi kama da ta Baban Ilham amma lissafinku bai fitar da ita ba. Wayata 45W take ɗauka, cajar 45W ce ta asali, kun ce kebul mara cif yana kai 60W, to 45 ai bai kai 60 ba, me ya sa da kebul ɗin da ba na 5A ba nake samun ƙasa da 30? Ko dai dabarar sayar da kebul ce kawai.

Ɗan Gyara: Wannan kam na sha gani a teburina, kuma ni ma ban taɓa samun amsarsa ba, kawai cewa nake su nemo kebul na 5A kuma yana yi.

Injiniya Mai Shiru: Tambaya mai daɗi. Rubutun 60W ɗin nan shi yake ruɗar mutane, kebul bai san wat ba, amfiya ya sani. 60W ɗin yana fitowa ne kawai in ana kan 20V. Wayarka kuma ba a 20V take caji ba, tana amfani da wani ɓangare na PD 3.0 da ake kira PPS, inda maimakon caja ta ce ga 9 ga 15 ga 20, sai ta ce ga fili daga 3.3V zuwa 11V zaɓi inda kake so, wayar tana matsar da shi da 20mV kowane taki. Dalili shi ne a cikin wayar akwai da'irar da take raba bolt biyu ta ninka amfiya biyu ba tare da zafi sosai ba, to sai wayar ta nemi kusan ninki biyu na bolt ɗin batirinta, batir yana 4.4 ta nemi wajen 9 da ɗoriya. Yanzu yi lissafin, kana son wat 40 da wani abu a kan bolt 9 zuwa 10, amfiya sama da 4 kenan, ka haye katangar 3A. Caja ta tambayi kebul ta ji shiru, ta yanke filin a 3A, 9 sau 3 kuma 27. Ga ƙasa da 30 ɗinka.

Wani abu game da PPS, dole wayar ta riƙa sabunta buƙatarta aƙalla duk daƙiƙa 10, in caja ta ji shiru ya yi yawa sai ta rushe yarjejeniyar ta koma 5V a sake daga farko. Shi ya sa in bakin waya ya cika da ƙura ko ya yi sako-sako za ka ga alamar caji mai sauri tana zuwa tana ɗaukewa, wutar na shiga amma maganar ce take yankewa.

Mai Hoto: Kai, ashe. Amma duk da haka ko da kebul na 5A ɗin ba ta daɗewa a 40, minti kaɗan ta sauko.

Ɗalibin Lantarki: Wannan wayar ce da kanta take ragewa in batir ya ɗau zafi ko ya fara cika, ba laifin kebul ba ne. Ka gwada tana ƙasa da kashi 20 allo a kashe.

Baban Ilham: To jama'a na aro kebul a wajen abokin aikina, an buga 240W a kansa. Mita ta nuna 19.6V da 4.4A, saƙon ƙorafin ya ɓace. Allah ya saka da alheri. Amma na ɗan ji tsoro da na ga 240, ba zai yi wa laftof ɗin yawa ba?

Injiniya Mai Shiru: Ba zai yi ba. Shi ma 5A ne, bambancinsa an yi shi ya jure bolt mai yawa ne, domin PD 3.1 da ya fito a 2021 ya ƙaro 28V da 36V da 48V, 48 sau 5 shi ne 240. Kuma ba a hawa can sai caja da na'ura da cif ɗin kebul duk ukun sun ce sun iya. Cajarka a 20V ta tsaya, nan za a zauna. 4.4A ɗin kuma abin da laftof ɗin take buƙata ne a lokacin, izinin 5 aka ba ta ba dole aka yi mata ba.

Baban Ilham: Madalla. Saura ɗaya, kebul ɗin gajere ne, ina da wani ɗan ƙari mai mace a kai ɗaya namiji a ɗayan, in haɗa?

Injiniya Mai Shiru: Ni ba zan haɗa ba a 5A. Ƙa'idar USB-C ba ta ma san da irin wannan ƙarin ba. Caja za ta tambaya, cif ɗin kebul mai kyau ya amsa 5A, ta saki 5A, shi kuwa ƙarin ba wanda ya tambaye shi kuma ta cikinsa wutar za ta bi. Wasunsu ma CC ɗaya kawai suka ja, sai ka ga yana yi ta fuska ɗaya in ka juya ya ƙi.

Ɗan Gyara: Nan kam ban bi ka ba Injiniya. Ni shekara biyu ina da irinsa a tebur ina cajin laftof da shi ko ɗumi bai taɓa yi ba. In ƙarfen ciki mai kyau ne ina matsalar?

Injiniya Mai Shiru: Laftof mai wat nawa?

Ɗan Gyara: Yawanci 45 zuwa 65.

Injiniya Mai Shiru: To amfiya 3 da ɗan kai kenan a mafi yawa, ba ka kai shi inda zai nuna halinsa ba.

Ɗan Gyara: Zan samo mai 100W in gwada in dawo muku da lamba, don ni sai na taɓa na ji zafi nake yarda. Amma ka amsa min wannan, tunda ka ce cif yana iya ƙarya, ta yaya mutum zai gane kafin ya narke masa a baki? Mitocin nan masu karanta cif ai abin da cif ɗin ya faɗa za su maimaita maka.

Injiniya Mai Shiru: Haka ne, maimaitawa kawai suke yi. Abin da nake yi shi ne in auna bolt a bakin caja in auna a ɗaya kan yayin da ake jan amfiya sosai. Ƙa'ida ta yarda a rasa har 0.5V a wayar wuta da 0.25V a ta ƙasa in an ja cikakkiyar amfiyar kebul ɗin, in na ga ya zarce haka ko kan ya yi zafin da ba na iya riƙewa bayan minti goma sai in ajiye shi gefe. Amma wannan sai mai mita biyu.

Mai Hoto: Mu marasa mita kuma fa?

Baban Ilham: Ku tsaya, wani sabon abu. Cajar baki biyu gare ta, yanzu na jona waya a na biyun, laftof ta ɗauke caji na daƙiƙa ɗaya ta dawo, mita kuma ta koma 3.2A. Kebul ɗin aron ne ya fara nasa ko me?

Ɗalibin Lantarki: Juya cajar ka karanto mana ƙananan rubutun da ke bayanta, inda aka rubuta C1+C2.

Baban Ilham: Rubutun ya goge rabi wlh, bari in nemo tabarau.